Kowa da Kashinsa: Yadda Ya Kamata a Raba Kuɗin Abinci Idan Rasit Ɗaya Ya Haɗa Mutum Biyar

Mu biyar ne, dukanmu malaman makaranta, uku daga Kankiya, biyu daga Kusada. Wata bita ce ta kai mu Katsina, aka tashe mu bayan azahar ba tare da an ba mu abinci ba, sai ɗaya daga cikinmu ya ce mu shiga ɗakin cin abinci na wani otal da ke kusa. Kowa ya zaɓi abin da yake so, aka ƙara babban gasasshen kifi a tsakiya, aka ci aka sha ana raha. Da aka kawo rasit, jimla ta kama naira 35,250. Wanda ya fi mu saurin baki ya duba wayarsa ya ce, "Malamai, kada mu tsaya ƙididdiga kamar baƙin juna. Dubu bakwai da hamsin ne kowa."

Ba wanda ya musa. Amma na lura da fuskar ɗaya daga cikin abokan tafiyarmu na Kusada, wanda tun da muka zauna ya ce shi ya ci abinci kafin ya fito, shayi kawai zai sha. Ya laluba aljihu, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya miƙa. Sai da muka sauka a Kankiya da yamma, lokacin da zai nemi abin hawan da zai ƙarasa da shi gida, ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ko da ɗari biyar a wurinka zuwa gobe?" A nan na gane cewa kuɗin motarsa da cefanen gidansa na washegari ne muka cinye a cikin kifin da ko taɓa shi bai yi ba.

Tun daga ranar nake da ra'ayi a kan wannan al'amari, kuma shi zan kare a nan. Raba kuɗin abinci daidai wa daida tsakanin mutanen da ba su ci daidai ba, muna kiransa kara, alhali kara ce da aka yi da aljihun wanda ya fi kowa rauni. Rasit irin wannan bashi uku ne aka haɗa a takarda ɗaya, kuma kowane bashi da ƙa'idar rabonsa. Wanda ya san ƙa'idojin nan uku zai gama lissafin cikin minti biyu, ba tare da an ji kunya ko an ci haƙƙin wani ba.

Me ya sa abin yake ba mu wuya

A Kankiya ko Kusada, tambayar nan ba ta cika tasowa ba, domin al'ada ta riga ta amsa ta. Idan ka ce wa mutum "zo mu je mu ci abinci", kai ne mai biya. Idan aka haɗu a teburin mai shayi, ko dai kowa ya biya nasa, domin mai shayi yana riƙe da lissafin kowane kofi da kowane ƙwai a kansa, ko kuma babba ya ce "nawa ne gaba ɗaya?" ya biya ya tashi. Mai tsire a bakin titin Kano zuwa Katsina, ko mai abinci a Gidan Mutum Ɗaya, farashin da ya faɗa maka shi za ka biya, babu wani ƙari da zai biyo baya. In ma akwai ƙari, daga wajensa yake zuwa, shi ne gyara. Ciyayya kuwa, inda maƙwabta ke fito da kwanukansu ƙofar gida a ci tare, ba ta da rasit sam. Kowane gida ya kawo abin da ya sawwaƙa, kuma ba a auna lomar kowa.

Gidan abinci na otal a Katsina ko Kano ya zo da abubuwa biyu da waɗannan tsare-tsare ba su san da su ba. Na farko, takarda ɗaya ce ake kawo wa teburi gaba ɗaya, ba a ware na kowa. Na biyu, a ƙasan takardar akwai layuka biyu da ba abinci ba ne: kuɗin hidima, wanda a wurare da yawa kashi 10 cikin ɗari ne, da harajin VAT, wanda ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari tun watan Fabrairun 2020. Idan kuma waɗanda suka zauna tsararrakin juna ne, babu babba, babu wanda ya gayyaci wani, to babu mai masauki. A wannan giɓin ne "a raba daidai" yake shigowa, domin shi ne lissafin da ya fi sauƙi, kuma shi ne wanda mutum ba ya iya ƙi ba tare da an yi masa kallon marowaci ba.

Darasin watanda

Abin mamaki shi ne, muna da tsarin da ya warware wannan matsala tun kafin a gina otal a ƙasar Hausa. Duk wanda ya taɓa shiga watanda ya san shi. Mutane su yi karo-karo, a je kasuwa irin ta Caranci a sayo sa, a yanka, a kasa naman kashi-kashi. Wanda ya biya kuɗin kashi biyu ya ɗauki biyu, mai ɗaya ya ɗauki ɗaya. Kuɗin motar da ta kawo san, da la'ada, da ladan mahauci, duk ana zuba su a kan kuɗin san kafin a fitar da farashin kashi. Saboda haka mai kashi biyu ya ɗauki ninki biyu na ɗawainiyar, kuma ban taɓa jin wanda ya kira wannan rowa ba. Da wani zai tashi ya ce mai kashi ɗaya da mai kashi huɗu su biya kuɗi iri ɗaya saboda zumunci, da dariya za a yi masa.

Rasit ɗin otal watanda ce da aka fara ci kafin a kasa. Aikinmu shi ne mu koma baya mu fitar da kashin kowa.

Bashi uku a takarda ɗaya

Bari in koma kan teburinmu. Zan kira abokan tafiyata da abin da suka ci, ko da yake ba sayarwa suke yi ba.

Bashi na farko shi ne abin da kowa ya nema wa kansa. Mai kaza ya ci soyayyar shinkafa da kaza da lemo, naira 7,000. Mai sakwara ya ci ta 5,500 har da lemonsa. Ni na ci tuwon shinkafa da miyar taushe da nama, 4,000. Mai wake ya ci shinkafa da wake babu nama, 2,500. Mai shayi kuwa shayinsa 1,000 ne. Jimla 20,000. Ƙa'idar wannan bashi ba ta da gardama: kowa nasa.

Bashi na biyu shi ne abin da aka ajiye a tsakiya. Kifin naira 8,000 ne, mu huɗu muka ci, wato 2,000 kowa. Ruwan gora na 2,000 kuwa duk mu biyar muka sha, 400 kowa. Ƙa'idarsa ita ce a raba kowane kwano daidai tsakanin waɗanda suka yi tarayya a cikinsa, su kaɗai. A nan ba a auna loma. Wataƙila mai kaza ya fi ni cin kifin, amma da zarar hannu ya shiga kwano ɗaya an zama abokan tarayya, kuma wanda ya tsaya ƙirga tsokar da ɗan'uwansa ya ɗauka, shi ne marowacin gaske. Da wannan, kuɗin abinci zalla ya zama 30,000, kuma kason kowa ya fito haka: mai kaza 9,400, mai sakwara 7,900, ni 6,400, mai wake 4,900, mai shayi 1,400.

Bashi na uku shi ne ƙarin da ke ƙasan takarda. Kuɗin hidima kashi 10 cikin ɗari na 30,000 ya ba da 3,000, VAT ya ba da 2,250, haɗe 5,250. Wannan kuɗi daga abincin ya tsiro. Kowace naira dubu ta abinci da aka nema ta jawo naira 175 a bayanta, kamar yadda kowane kashin watanda yake ɗauke da rabonsa na ladan mahauci. Don haka ƙa'idarsa ita ce ya bi abincin da ya haife shi: wanda ya ci da yawa ya ɗauki ƙari mai yawa.

Hanya mafi sauƙi ta yin wannan a waya ita ce a raba jimlar ƙarshe da kuɗin abinci zalla, a sami lamba ɗaya, sannan a ninka kason kowa da ita.

```
35250 ÷ 30000 = 1.175
1400 × 1.175 = 1645
```

Da aka bi kowa haka, mai kaza 11,045 ne a kansa, mai sakwara 9,282 da ɗoriya, ni 7,520, mai wake 5,757 da ɗoriya, mai shayi 1,645. Tunda babu mai yawo da canjin naira biyar, sai a daidaita zuwa hamsin mafi kusa: 11,050, da 9,300, da 7,500, da 5,750, da 1,650. A tara su, za a ga 35,250 cif. Wannan tarawar ta ƙarshe ita ce shaidar cewa lissafi ya yi. Idan ta saɓa wa rasit da abin da ya wuce ɗan bambancin da daidaitawar kan jawo, to an manta wani kwano ko an ƙirga shi sau biyu.

Yanzu a kwatanta da 7,050 ɗin da muka biya. Mai shayi ya biya rarar naira 5,405. Mai wake, wanda ya haƙura da nama saboda ya san aljihunsa, ya biya rarar kusan 1,300. Waɗannan kuɗaɗe ba otal ne ya ci su ba. Sun tafi ne wajen rage wa mai kaza kusan 4,000, da mai sakwara sama da 2,200, da ni kaina 470. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka sa wa hannu a shekarar 2024 naira 70,000 ne a wata, wato kimanin 2,300 a rana. Rarar da muka karɓa daga hannun mai shayi ta wuce ladan kwana biyu na irin wannan ma'aikaci. Haka kuɗi ya gangaro daga waɗanda suka tsuke bakin aljihu zuwa waɗanda suka sake, kuma kullum haka rabon daidai yake gangarowa, domin wanda ya fi ƙaramin ƙarfi shi ya fi taka-tsantsan wajen zaɓen abinci.

Kurakurai biyu da suka yi kama da adalci

Akwai masu cewa, to kowa ya biya abincinsa, amma ƙarin nan na ƙasa a raba shi daidai, ai teburi ɗaya aka yi wa hidima. Maganar tana da daɗin ji, sai dai lamba ba ta goyi bayanta ba. Idan aka raba 5,250 gida biyar, kowa zai ɗauki 1,050. Mai shayi, da kasonsa na 1,400, an ɗora masa ƙarin kashi 75 cikin ɗari ke nan, mai kaza kuwa kimanin kashi 11 kawai, alhali otal ɗin kashi 17.5 ya ɗora a kan kowa. Alamar gane wannan kuskure ita ce a tambaya: da mai shayi shi kaɗai ya zauna a wani teburi, nawa za a ce ya biya? Duk rabon da ya sa mutum biyan abin da ya zarce wannan, ba tare da ya ci wani abu na tarayya ba, akwai kuɗin wani a cikinsa.

Amma a lura, akwai ƙarin da rabon daidai ne ya dace da shi. Idan kuɗin tsayayye ne, ba ya hawa ko sauka da yawan abinci, kamar kuɗin ɗan acaɓan da ya kawo saƙon abinci ofis, ko kuɗin kama keɓaɓɓen ɗaki, to kawuna ake ƙirgawa. Abin da aka ɗora da kaso cikin ɗari ya bi ciki, abin da aka yanke tsaye ya bi kai.

Kuskure na biyu ya fi ɓoyuwa. Mutum ɗaya ya zura katinsa a na'urar POS ya biya duka, sauran suka ce za su tura masa. Kowa ya tuna farashin da ya gani a takardar jerin abinci, ya tura wannan. Wasu ma sun manta da ruwa. A ƙarshe wanda ya biya ya karɓi 30,000 ko ƙasa da haka, ƙarin 5,250 ya kwana a kansa shi kaɗai, kuma kunya ba za ta bar shi ya bi abokansa yana cewa "saura ɗari takwas" ba. Maganin wannan shi ne wanda ya biya ya ɗauki hoton rasit, a fitar da kason kowa tun ana zaune, a tura kafin a tashi. Bashin abinci idan ya kwana uku, mai bin sa ya fi wanda ake bi jin nauyi.

A karanta ƙasan takardar

Kafin a raba, a tabbatar abin da za a raba daidai ne. Wasu gidajen abinci suna lissafa VAT a kan kuɗin abinci zalla, kamar yadda aka yi mana. Wasu kuma sai sun ɗora kuɗin hidima tukuna, sannan su lissafa harajin a kan 33,000, wanda zai ba da 2,475, jimla ta koma 35,475. Bambancin naira 225 ne. Amfanin dabarar raba jimla da kuɗin abinci shi ne ba ruwanta da hanyar da aka bi: lambar za ta fito 1.1825 maimakon 1.175, a ninka kason kowa da ita, shi ke nan. Akwai kuma wuraren da farashin da aka rubuta ya riga ya haɗa da haraji. Idan takardar jerin abinci ta faɗi haka, sannan aka sake ganin layin haraji a rasit, to a yi tambaya kafin a biya.

Kuɗin hidima kuma ba lallai ne ya zama tukwicin yaron da ya yi ta kai da kawo da faranti ba. Ganinsa a rasit yana nuna ya shiga asusun gidan ne kawai. Birtaniya sai da ta yi doka ta musamman, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Oktoban 2024, da ke tilasta wa masu gidajen abinci miƙa wa ma'aikata tukwici da kuɗin hidima gaba ɗaya. Buƙatar irin wannan doka ta isa ta nuna cewa kuɗin yakan tsaya a hanya. Wanda yake son ya kyautata wa ma'aikaci, ya tambaye shi a hankali ko rabonsu yana isowa, in ya ga dama ya sa masa wani abu a hannu. Sai dai wannan kyauta ce ta mai yin ta. Ba ya halatta mutum ya yanke tukwici mai tsoka don a gan shi, sannan ya zuba shi cikin jimlar da za a raba wa kowa.

Tayi ba tarayya ba ne

Wurin da lissafin nan ya fi samun tangarɗa shi ne bashi na biyu, domin Bahaushe ba ya cin abinci a gaban mutum bai ce "bismilla" ba. A ce da mun matsa wa mai shayi, "Haba Malam, ko ɗan kaɗan ne taɓa," ya gutsiri kifin sau ɗaya don kada ya gwale mu. Ya shiga cikin masu biyan 2,000 ke nan? A ganina bai shiga ba. Wanda aka yi wa tayi baƙo ne a kwanon, kuma ba a taɓa miƙa wa baƙo lissafi ba. Abokin tarayya shi ne wanda aka tambaya kafin a nemi kwanon, aka ce "mu sa a kawo kifi?" ya ce "a kawo". Wanda kuma ya ɗaga hannu ya kira ma'aikaci ya ce a ƙaro farfesu ba tare da ya shawarci kowa ba, ya yi wa teburi kyauta, Allah ya saka masa, kuma kuɗin farfesun nasa ne.

Haka nan wanda aka ɗauko, kamar direba ko ɗalibi ko ƙanen wani, ba ya cikin rabo. Kasonsa yana kan wanda ya zo da shi, ko a kan manyan teburin in sun yarda. Lissafin ma yana taimakawa a nan, domin sai an san kason mutum kafin a san abin da ake ɗauke masa.

Hujjar masu cewa a raba daidai

Ba zan yi kamar ɗaya ɓangaren ba shi da hujja ba. Suna cewa ƙididdiga tana kashe daɗin zama, cewa yau kai ka ci da yawa gobe ni ne, kuma a tsawon abota komai yana daidaita. Suna iya kawo abin da ya fi wannan ƙarfi. Imamu Buhari ya buɗe littafin tarayya a cikin Sahihinsa da babin tarayya a abinci, inda ya ambaci yadda matafiya ke haɗa guzurinsu su ci tare, kuma Musulmi ba su ga laifi ba don wani ya fi wani ci. A nan ne kuma hadisin Ash'ariyawa yake, waɗanda aka yaba musu saboda idan abinci ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannunsu wuri ɗaya su raba daidai.

Na yarda da wannan duka, amma a dubi siffarsa. Matafiyan nan sun yarda da haɗakar kafin a ci. Tukunya ɗaya ce, bambancin da ke tsakaninsu na girman ciki ne kawai. Rabon Ash'ariyawa kuwa mai abu da yawa yake rage wa, ya ƙara wa maras shi. Abin da muka yi a Katsina ya saɓa wa waɗannan ta kowace fuska: ba a yi shawara ba sai bayan an cinye, kowa da farantinsa da farashinsa, kuma maras shi ne ya tallafa wa mai shi. Shirun da mai shayi ya yi bai zama yarda ba. Malamanmu sun daɗe suna gargaɗi a kan abin da aka karɓa daga hannun mutum saboda kunya ta hana shi ƙi.

Batun cewa komai yana daidaita a tsawon lokaci gaskiya ne ga mutanen da ƙarfinsu ɗaya, suke kuma yawan haɗuwa. Amma mai ciwon suga da ba ya shan lemo, da mai iyali goma da albashi ɗaya, ba za su wayi gari su zama masu kaza ba. Su ne masu biyan rara yau, su ne gobe. Abin da yakan faru shi ne su daina zuwa, a ce sun cika ƙauracewa mutane.

Akwai kuma illar da rabon daidai yake yi wa jimlar kanta. Idan mutum ya san gida biyar za a raba, ƙarin naman 2,000 da zai nema, wanda zai zama 2,350 bayan hidima da haraji, naira 470 kawai zai ci masa. Kowa ya yi wannan tunani, sai rasit ya kumbura. Masana tattalin arziki uku, Uri Gneezy da Ernan Haruvy da Hadas Yafe, sun gwada haka a wani gidan abinci, suka buga sakamakon a 2004. Sun zaunar da mutane shida-shida da ba su san juna ba. Inda kowa zai biya nasa, matsakaicin abin da mutum ya ci ya kai shekel 37. Inda aka ce za a raba daidai, ya haura zuwa kimanin 51. Abokai sun fi baƙi jin nauyin juna, gaskiya ne, amma jarabar tana nan.

Saboda haka ga iyakar da nake ganin ta dace. A raba daidai idan an faɗa tun kafin a nemi abinci, kuma abin da aka ci ya yi kusa da juna, ko kuma duk a tire ɗaya aka ci, kamar a sayi balangu a baje a takarda. Idan kason wani bai kai rabin na wani ba, a fitar da lissafi.

Wa zai fara magana

Duk wannan ba zai yi aiki ba idan aka bar wa mai ƙaramin kaso ya nemi haƙƙinsa da bakinsa. Ba zai nema ba. Nauyin yana kan wanda ya fi kowa ci, ko wanda ya fi kowa ƙarfi, domin shi kaɗai ne zai ce "kowa ya biya nasa" ba a zarge shi da rowa ba, tunda shi maganar za ta fi ci wa kuɗi. Mafi kyau ma a faɗe ta tun ana jan kujeru, tun ran gini ran zane: "Malamai, kowa da nasa, kifi kuma na masu so ne." A wurare da yawa, idan aka gaya wa ma'aikaci tun farko, zai iya rubuta wa kowa takardarsa daban, lissafin ma ya hutar da kowa.

Wanda kuma yake son yin kara, ƙofa a buɗe take. Ya ce "na Malam yana kaina," ko ya ɗauki kifin gaba ɗaya, ko ya biya duka. Wannan ita ce karar da muka gada, wadda mai yin ta yake cirewa daga aljihunsa da saninsa.

Da muka sake haɗuwa a wata bitar bayan 'yan watanni, mai shayi ya ce yana da uzuri a cikin gari, mu je mu ci, zai same mu a tasha. Na san uzurin. Na same shi a gefe na ba shi 470 ɗin da na san tawa ce a cikin abin da ya biya, na kuma gaya wa sauran nasu. Ya ƙi karɓa har sau biyu, ya ce, "Haba Malam, ai ya wuce." A na uku ya karɓa, ya bi mu muka shiga, ya nemi shinkafa da wake.